Direba, Kada Ka Tayar da Mota Sai Ka Ga Fitilun Nan Sun Kama

Direba, dakata. Ke ma mai mota, dakata. Kafin ka murɗa makulli gobe da safe, amsa waɗannan tambayoyi. Fitilu nawa ne ke kamawa a dashbod ɗin motarka idan ka buɗe makulli? Wacce ke fara mutuwa? Wacce ke jira sai injin ya tashi? Akwai wadda take kamawa bara, bana ta daina? Idan ba ka da amsa, to kana tuƙi ne ba tare da sanin ko motarka za ta iya yi maka gargaɗi ba ranar da ka fi buƙatarsa.

Yawancinmu hannu ɗaya muke yi, mu soka makulli mu murɗa har ƙarshe, injin ya tashi, mu saka giya. Fitilun sun kama sun mutu cikin ƙiftawar ido, ba wanda ya kalle su. Alhali wannan ɗan lokacin ne kaɗai motar ke nuna maka cewa fitilun gargaɗinta na da rai. Kamfanin da ya ƙera ta da gangan ya tsara haka. Idan kana cikin tafiya ka ga dashbod babu wata jar fitila, abu biyu ne: ko dai komai lafiya, ko kuma fitilar ce ta mutu. Daga kujerar direba ba za ka iya bambance su ba. Shi ya sa aka sa kowace fitila ta kama da zarar an buɗe makulli, kamar kiran suna a aji, kowacce ta amsa tana nan. Wadda ba ta amsa ba ita ce abin tsoro.

Ga yadda za ka duba. Ja birkin hannu. Murɗa makulli zuwa ON, wurin da wasu motoci suka rubuta II, ka tsaya a nan. Kada ka wuce zuwa START. Idan motarka ta maɓallin dannawa ce, ɗauke ƙafarka daga birki, ka danna sau biyu a irin su Toyota, dannawar farko ta kunna rediyo, ta biyu ta kunna dashbod ba tare da injin ya tashi ba. Yanzu ka zuba ido. Nemi jar fitila mai siffar butar mai. Nemi jar fitila mai siffar batir. Nemi mai ruwan ɗorawa mai siffar injin, wadda wasu motoci suka rubuta mata CHECK ko CHECK ENGINE. Nemi ABS. Nemi ta jakar iska, mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko haruffan SRS. Nemi jar fitilar birki, alamar motsin rai a cikin da'ira ko kalmar BRAKE. Idan motar dizal ce, akwai kuma mai siffar nannaɗaɗɗiyar waya, ta hita, wadda ake jira ta mutu kafin a tayar.

Kada ka yi gaggawa, domin fitilun nan ba tare suke mutuwa ba, kuma bai kamata su mutu tare ba. ABS takan mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu, injin bai ma tashi ba. Ta jakar iska takan ɗauki kamar daƙiƙa 6 a Toyota, ita ma ta mutu da kanta. Waɗannan biyun kowacce da kwamfutarta, tana bincika wayoyinta da na'urorinta, idan ta gama ba ta ga matsala ba sai ta kashe fitilar. Ta baƙin mai da ta batir kuwa, a yawancin motocin da ke hannunmu, za su tsaya a kunne har sai injin ya tashi, domin gaskiya suke faɗa: injin a tsaye yake, famfon mai ba ya juyawa, altaneta ba ta caji. Da ka tayar, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu su mutu. Ta injin ma a Toyota tana jira sai an tayar. Ta birki ba za ta mutu ba sai ka sauke birkin hannu. Wasu motoci suna da shuɗiyar fitilar zafi, wadda ke cewa injin da sanyi tukuna, tana mutuwa idan ya ɗumama. Wannan ba matsala ba ce.

Motoci sun bambanta. A wasu sababbi kwamfuta ce ke riƙe da duk fitilun, har ta mai takan mutu bayan 'yan daƙiƙu ba tare da an tayar ba. Don haka ka san halin taka. Buɗe littafin motar idan yana nan, akwai shafin da ya jera fitilun duka. Idan babu littafi, nemi wani mai irin motarka, shekara ɗaya, ku gwada ku gani. Sannan ka ɗauki bidiyon dashbod ɗinka da waya yau, tun motar na lafiya. Ranar da ka yi shakka, ka sami abin kwatantawa.

Yanzu ga babban haɗarin. Mutane suna tsoron fitilar da ta kama ta ƙi mutuwa. Ni wadda ba ta kamawa sam ce ke hana ni barci. Wadda ta kama ta riga ta yi aikinta, ta faɗa maka. Wadda ba ta kamawa ta bar ka da kwanciyar hankalin ƙarya.

Ɗauki fitilar baƙin mai. Da farko ka sani, wannan jar fitila ƙarfin turin mai take aunawa, wato ko famfo yana tura mai zuwa metal da kiranshaf da sauran sassan da ke gogayya. Yawan man da ke cikin injin da sandar awo ake duba shi. A jikin injin akwai ɗan ƙaramin suwic, yawanci kusa da filta, da waya ɗaya tak a kansa. Idan babu turin mai, suwic ɗin yana haɗa wayar da jikin injin, fitila ta kama. Idan mai ya turo, ya raba su, fitila ta mutu. Ka ga matsalar? Duk wanda ya zare wannan waya ɗaya, ya kashe fitilar har abada. Ba ya buƙatar buɗe dashbod. Ba ya buƙatar sifana. Wani lokaci ma ba mugunta ba ce, yaron gareji ne ya ture wayar yana canza filta, bai mayar ba. Ko da gangan ko bisa kuskure, sakamakon ɗaya ne. Ranar da filta ya kwance a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko dutse ya fasa kaskon mai, babu abin da zai kama a gabanka. Ƙarar injin ce za ta sanar da kai, kuma a lokacin ya riga ya buga.

A ce ka je sayen Corolla ta 2006 a hannun dillali. Fenti na sheƙi, an wanke injin fes. Ya tarbe ka da fara'a, «Alhaji, shiga ka ji ƙararta, ko fitila ɗaya ba ta nunawa.» Kuma ka tarar motar tana kunne tun kafin ka iso. Kashe ta. Kada ka ji kunya, kuɗinka ne. Buɗe makulli zuwa ON ka ƙirga. Batir ta kama, injin ta kama, ABS ta kama ta mutu, butar mai babu ita. Kada ka yarda da «ai haka take zuwa». Kira rewaya naka, ba na dillali ba. Zai fara leƙa suwic ɗin ya ga ko waya na kansa. Idan tana kai, zai zare ta ya taɓa ta a jikin injin, makulli na ON. Idan fitila ta kama, ƙwai da waya lafiya, suwic ne ya lalace, kuma ba shi da tsada. Idan ba ta kama ba, sai an buɗe dashbod: ko ƙwan ya ƙone, ko an cire shi, ko an liƙe shi da baƙin salatif.

A ce kuma an tarar wayar a zare take, aka mayar. Kada ka tsaya nan. Tambayi kanka, me ya sa aka zare ta? Tayar da motar da sanyi, za ka iya ganin fitilar ta mutu yadda ya kamata, domin mai mai sanyi yana da kauri. Yi tafiya ta minti 20 zuwa 30 har injin ya yi zafi sosai, sannan ka tsaya ka bar shi a silo. Fitilar ta fara ƙyaftawa? Ka taka totur kaɗan ta mutu, ka saki ta dawo? To ga dalilin. Mai ya yi zafi ya tsinke, kuma giɓin da ke tsakanin metal da kiranshaf ya yi faɗi, ko famfon ya gaji, ko ragar da ke tsotso mai daga kasko ta toshe da dauɗa. Hujja ta ƙarshe ita ce bakanike ya kwance suwic ɗin ya ɗaura geji na allura a wurinsa. Injin irin na wannan Corolla, da zafinsa, ana so ya nuna daga bar 3 zuwa 5 da ɗoriya idan yana juyi 3000 a minti. Suwic ɗin kuwa ba ya kunna fitila sai turin ya faɗo ƙasa da rabin bar. Ka lura da wannan tazara. Ma'anarta, idan fitilar ta kama kana gudu, lamarin ya riga ya kai maƙura.

Saboda haka, idan jar butar mai ta kama kana tafiya, ko ta ƙi mutuwa bayan ka tayar, kashe injin nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. Kada ka ce gareji na kusa. Sami gefen hanya mai aminci, kashe, jira 'yan mintuna, duba sandar awo, leƙa ƙarƙashin mota. Idan mai ya yi ƙasa, cika shi, tayar, ka kalli fitilar. Idan mai yana cike amma fitilar ta ƙi mutuwa, a ja motar. Kuɗin ja nawa ne? Kuɗin wani injin nawa ne?

Akwai alamar da ke zuwa da wuri, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. Da can fitilar mai tana mutuwa da zarar injin ya kama. Yanzu tana ɗaukar daƙiƙa huɗu, biyar, injin yana ƙara kaf-kaf-kaf kafin ya yi shiru. Ka lura da hakan a motarka? Sau da yawa jabun filta ne, wanda ba shi da bawul mai hana mai zurarewa ƙasa cikin dare, don haka kowace safiya injin yana juyi a bushe kafin mai ya iso. Wani lokaci ragar kasko ce ta fara toshewa. Idan abin ya fara ne bayan an yi maka juye, koma a canza filta a makon nan. Kada ka jira wani juyen.

Fitilar batir ita ma ana yi mata mummunar fahimta. Idan ta kama injin na aiki, tana cewa caji ya tsaya, mota tana cin abin da ya rage a batir. Rewaya zai ɗora mita: batir mai lafiya yana nuna kamar bolt 12.6 injin a kashe, ya haura zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 idan injin na aiki. Idan bai haura ba, babu caji. Amma haɗarin da ya fi kusa shi ne fambel. A motoci da yawa, har da wannan Corolla, bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa. Idan ya tsinke, fitilar batir ce za ta fara faɗa maka, kafin allurar zafi ta motsa. Sitiyari ya yi nauyi ba zato? Fitilar batir ta kama? Tsaya. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, 'yan mintuna sun isa injin ya tafasa gaskit ya ƙone. To yaya za ka yi idan ƙwan wannan fitila ya mutu tun bara ba ka sani ba? Ƙari a kan haka, a tsofaffin motoci da dama, ta cikin ƙwan nan ne 'yar wutar da ke fara tayar da altaneta take bi. Idan ya ƙone, altaneta mai lafiya za ta iya ƙin caji har sai an taka totur sosai. An sha sayen sabon batir da sabuwar altaneta a kan ƙwai ɗaya. Idan kuma fitilar tana ɗan haske dishi-dishi da dare injin na aiki, wani sashe na altaneta ya fara mutuwa, a auna ta kafin ta ajiye ka a daji.

Sai fitilar injin, wadda aka fi yi wa ha'inci. Mutane da yawa sun saba da ita a kunne har sun daina ganinta. Wasu sun sa an cire ƙwan don ta daina damunsu. Idan tana kunne tsaye, kwamfutar injin ta ajiye lambar wata matsala, kuma a karanta ta cikin kwanakin nan. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod ta wajen direba, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Ana soka na'ura a nan ta karanto lambar. Amma idan fitilar tana ƙyaftawa, injin yana rawa, wannan wani abu ne daban. Wani silinda ba ya ƙona mai, yawanci fulogi ko kwayil, lambar takan fito P0300 zuwa P0304 a injin mai silinda huɗu. Ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa, yana ƙonewa a cikin katalis, abin da makanikai ke kira indomi, har ya narkar da shi. Rage gudu. Sauke ƙafa daga totur. Kada ka hau babbar hanya da ita. Wanda ya cire ƙwan saboda wata ƙaramar matsala, ta ina zai ga wannan ƙyaftawar?

Mai saye, ka ƙara kula a nan. Ana iya goge lambobin da na'ura, ko a cire kan batir na ɗan lokaci, fitilar ta kama ta mutu yadda ya kamata a gabanka, sannan ta dawo bayan tafiya ɗaya ko biyu, ka riga ka biya. Na'urar karatu tana tona wannan, domin za ta nuna cewa gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta ba su kammala ba tun gogewar. Tana kuma nuna ko kwamfuta ta ba da umarnin kunna fitilar. Idan na'ura ta rubuta MIL ON amma dashbod duhu, an taɓa ƙwan. Honda Accord ta Amurka, irin ta 2003 zuwa 2007, tana faɗa maka ko babu na'ura: bar makulli a ON kamar daƙiƙa 20, idan fitilar injin ta ƙyafta sau biyar, gwaje-gwajen ba su kammala ba. Tambayi dalili.

Akwai dabarar da ta fi cire ƙwai muni. Mai wayo ya san za ka nemi fitilar, don haka ba ya kashe ta. Yana haɗa wayarta da ta wata fitila mai lafiya. Ya ɗaura ta jakar iska a kan ta mai ko ta batir, sai ta kama idan an buɗe makulli, ta mutu idan an tayar, kai kuma ka ce alhamdu lillahi. Lokaci ne ke tona shi. Bar makulli a ON, kada ka tayar, ƙirga zuwa goma sha biyar. Fitilar jakar iska ta gaskiya za ta mutu da kanta. ABS ma haka. Idan sun tsaya ƙyam, sannan suka mutu daidai da fitilar mai a daƙiƙar da injin ya tashi, an haɗa su. Motoci da yawa da ke shigowa ta Legas da Kwatano an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, jakunkunansu sun riga sun fashe. Wa ya tabbatar maka an mayar da sababbi? Kuma ka san iyakar wannan gwaji: akan saƙala ɗan ƙaramin resista a madadin jakar, kwamfuta ta ɗauka jaka na nan, fitila ta kama ta mutu daidai. Saboda haka fitila mai kyau ba ta isa hujja ba a motar da ake zargin ta yi haɗari. A duba murfin sitiyari da dashbod ta wajen fasinja, a duba bel ɗin kujera ko yana komawa yadda ya kamata, a nemi tarihin motar da lambar shasi.

Idan fitilar jakar iska ta tsaya a kunne a motarka, ɗauka cewa jakar ba za ta buɗe ba ranar haɗari. Sau da yawa soket mai ruwan ɗorawa ne a ƙarƙashin kujera ya saki, ko nannaɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari ta tsinke, musamman idan hon ma ya daina aiki. Kada ka taɓa waɗannan wayoyi da kanka. Idan ABS kaɗai ta tsaya, birkinka na aiki, amma tayoyi za su iya kullewa idan ka taka da ƙarfi a kan kwalta mai ruwa ko yashi. Idan jar fitilar birki ta ƙi mutuwa bayan ka sauke birkin hannu, buɗe bonet ka duba man birki kafin ka motsa. Ya yi ƙasa? Ko dai takalman birki sun cinye, ko yana yoyo. Ƙara mai ba ya toshe yoyo. Idan ABS da jar ta birki suka kama tare, ko ka ji feda ya yi laushi yana nutsewa, ajiye motar. Kada ka ɗauki yara makaranta da ita.

Abu ɗaya yakan ruɗa mutane. Idan batir ya yi rauni, fitilu sukan dushe su yi ta ƙyaftawa lokacin da ake tayarwa, wani lokaci ABS ko ta sitiyari ta maƙale a kunne, ka kashe ka sake tayarwa ta mutu. Idan fitilu da yawa marasa alaƙa suka kama lokaci ɗaya, a fara da auna batir da ɗaure kawunansa, kafin wani ya sa ka sayi kwamfuta. Idan kuwa babu ko ɗaya da ta kama, a duba fiyus ɗin dashbod.

Ku masu motocin haya da kuka ba direbobi, yaushe rabonku da zama a kujerar direba ku buɗe makulli da kanku? Ku yi haka a ƙarshen makon nan. Ke da ake kai wa mota gareji a dawo miki da ita, kada ki karɓi makulli sai kin gwada a gaban wanda ya kawo ta. Kai da ka kai gyara saboda fitila ta kama, aka ce maka «Oga, an gama, ta mutu», kada ka biya tukuna. Kashe injin. Buɗe makulli zuwa ON. Fitilar da ka kawo ƙara a kanta dole ta kama tare da sauran, sannan ta mutu a lokacinta. Idan ba ta kama ba, ba a gyara komai ba, kuma kada motar ta bar garejin sai an mayar da ƙwan ko wayar a gabanka.